Kwana Nawa Ya Kamata Talla Ta Bi Mutum?

Duk mai yawo a intanet ya san wannan hali. Mutum ya leƙa wani shafi ya duba takalmi, ya ga kuɗin, ya fita bai saya ba. Da yamma ya buɗe Facebook, ga takalmin. Ya shiga shafin labarai, ga shi a gefe. Bayan mako uku, ya riga ya sayi wani a kasuwa har ya fara tsufa a ƙafarsa, amma na cikin waya yana nan yana leƙo shi. Wannan ita ce tallar bibiya, wadda ake nuna wa mutanen da suka taɓa ziyartar shafin ɗan kasuwa kawai. A bayan kowace irin wannan talla akwai wani ƙaramin akwati da mai tallar ya cike da lamba, kuma lambar ce ke yanke yawan kwanakin da za a bi baƙon shafin kafin a ƙyale shi.

Yawancin masu talla ba sa taɓa wannan akwati. A Google Ads sunansa Membership duration, kuma idan ba a canza ba yana zuwa da kwana 30, ana iya kai shi har 540. A manhajar tallan Meta, mai Facebook da Instagram, shi ma 30 ake tararwa, kuma ana iya bin masu ziyartar shafi har kwana 180. Kamfanonin ba su zaɓi 30 don sun san abokan cinikin wani ɗan kasuwa ba. Lamba ce tsaka-tsaki da aka ajiye wa kowa, daga mai sayar da turare zuwa mai sayar da filaye. Abin takaicin shi ne, kuɗi masu yawa na zurarewa ta wannan ɗan akwati ba tare da mai shi ya lura ba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Mai shafi yana dasa wata 'yar alama a shafinsa, Meta Pixel ko Google tag. Duk wanda ya shigo, alamar za ta sa shi cikin jerin baƙi, agogo ya fara ƙirga masa kwanaki. Idan kwanakin da aka saka suka cika, sai sunansa ya faɗi daga jerin, talla ta daina binsa. Amma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: duk lokacin da mutumin ya sake shigowa shafin, agogon yana komawa farko. Wanda aka sa wa kwana 30, ya dawo a rana ta 28, ya sami sababbin kwana 30 ke nan. Saboda haka mutumin da ke leƙowa sau ɗaya a wata don kallo kawai zai iya shekara cikin jerin, ana kashe masa kuɗi, bai taɓa sayen ko allura ba.

Sha'awa tana hucewa da wuri

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, yaya saurin hucewar sha'awar mai saye yake? An gwada wannan da kyau. Masana uku, Navdeep Sahni da Sridhar Narayanan na jami'ar Stanford da Kirthi Kalyanam na jami'ar Santa Clara, sun yi gwaji da kamfanin BuildDirect na ƙasar Kanada, mai sayar da kayan gyaran gida ta intanet, suka wallafa sakamakon a mujallar Journal of Marketing Research a 2019. Sun raba baƙin shafin fiye da 230,000 ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka bi su da talla, wasu aka ƙyale su, wasu kuma aka bi su a makonni daban-daban cikin mako huɗu.

Sun gano cewa bibiyar tana aiki: waɗanda suka dawo shafin cikin mako huɗu sun ƙaru da kashi 14.6 cikin ɗari. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne lokacin da tasirin ya faru. Daga cikin dukan tasirin tallar makon farko, kashi ɗaya cikin uku ya auku ne a ranar farko kaɗai, rabi kuma a kwana biyun farko. Kayan gyaran gida, irin su katakon daɓe da tayil, ba abin da ake saye da garaje ba ne, mutum yakan auna ɗaki, ya yi shawara da iyali, ya kwatanta farashi. Duk da haka kwanakin farko ne suka kwashe kaso mafi tsoka. Sun kuma lura cewa tallar mako na biyu ta fi tasiri a kan wanda aka riga aka nuna wa talla a makon farko. Wato idan aka bar mutum ya yi sanyi, tayar da shi daga baya ya fi wuya.

Wannan ba ya nufin a afka wa mutum tun bai gama fita ba. Wani binciken da aka wallafa a Journal of Marketing a 2021, wanda aka yi da wani kantin tufafi na intanet a Japan, ya duba mutanen da suka zuba kaya a kwandon saye suka tafi ba su biya ba. Saƙon tunatarwa da aka aika musu cikin minti talatin zuwa awa ɗaya ya rage sayensu, wanda aka aika bayan kwana ɗaya zuwa uku kuma ya ƙara shi. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari zai gane dalili. Idan mutum ya taya shadda ya ce bari ya zaga, yaron shago ya biyo shi har layi na uku yana jan hannun rigarsa, da wuya ya koma wannan shagon. Idan kuwa washegari suka haɗu yaron ya ce, "Alhaji, shaddar nan fa tana nan na ajiye maka," magana ta canza. Ya kamata a lura cewa wancan binciken a kan saƙonnin imel da na manhaja aka yi shi, waɗanda suka fi hoton talla shiga rayuwar mutum, amma darasin yana da amfani ga kowa.

Amsar tana cikin littafin ciniki

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa, kuma duk wanda ya ce kwana 7 ko 30 ko 90 ne daidai ba tare da ya ga cinikin mutum ba, zato yake yi. Abin da ake nema shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da mutum ya fara leƙo shafin da ranar da ya biya kuɗi. Wannan bayani yana nan a ajiye. A Google Ads ana iya rarraba sakamakon talla da Days to conversion, sai a ga sayayya nawa aka yi a rana ta farko, nawa a ta biyu, har zuwa ƙarshe. Google Analytics ma yana nuna irin wannan tazara a rahoton hanyoyin da masu saye suka biyo. Wanda cinikinsa ke ƙarewa a waya kuwa, littafinsa ya ishe shi: ranar da mutum ya fara tambayar farashi, da ranar da kuɗinsa suka shigo.

A ɗauki misali, ba na wani kamfani na gaske ba, don a ga yadda lissafin yake. A ce wata 'yar kasuwa a Kano tana sayar da leshi da atamfa ta shafinta, kuma mutum 200 ne ke leƙowa kullum. Ta zauna ta tsamo mutum 100 na baya-bayan nan da suka zo suka tafi, sannan suka dawo suka saya. Ta tarar 46 sun dawo cikin kwana biyu, wasu 27 kafin mako ya cika, wasu 17 kuma a mako na biyu. Jimilla 90 ke nan cikin kwana 14. Daga rana ta 15 zuwa ta 30 mutum 7 ne kacal suka dawo, sauran 3 sai bayan wata.

Yanzu sai ta duba ɗaya ɓangaren. Idan ta sa kwana 14, jerinta zai ƙunshi kusan mutum 2,800. Idan ta bar shi a 30, zai kai 6,000. Wato don ta kamo waɗancan mutum 7, dole ta ƙara mutum 3,200 a kan waɗanda take biya a nuna wa talla, fiye da ninkin jerin. Idan kuma ta ji daɗin ganin babbar lamba ta sa 180, jerin zai kai wajen 36,000, kuma mafi yawansu sun manta sun taɓa ganin leshin, wasu bikin da suka so ɗinkawa dominsa ya wuce tun tuni.

Kuɗin tallarta ba ya ƙaruwa don jerin ya ƙaru. A ce abin da take kashewa yana saya mata nuni 2,000 a rana, wato 14,000 a mako. A kan mutum 2,800, kowa zai ga tallar kamar sau biyar a mako, abin da ya isa ya tuna. A kan 36,000 kuwa, idan aka raba daidai, mutum sai ya yi fiye da mako biyu bai gan ta ba. Gaskiya ne injin talla ba ya rabawa daidai, yana ƙoƙarin zaɓar waɗanda yake ganin za su saya. Amma zaɓinsa hasashe ne, kuma duk nunin da ya tafi ga wadda ta leƙo wata huɗu da suka wuce, an ɗauke shi ne daga rabon wadda ta leƙo jiya tana nan tana shawara da ƙawarta.

Ga wannan 'yar kasuwa, kwana 14 ne ya dace, kuma ko cikinsu bai kamata kowa ya sami kulawa iri ɗaya ba. Abin da gogaggu ke yi shi ne su haɗa jeri biyu, na kwana 3 da na kwana 14. Jerin kwana 3 shi ake ba kaso mafi girma na kuɗi, a nuna wa mutum ainihin kayan da ya duba. Sannan a yi talla ta biyu ga jerin kwana 14, a cire na kwana 3 daga ciki, don kada mutum ɗaya ya faɗa wuri biyu mai tallar ta riƙa gasa da kanta. Wannan ta biyun takan zo da wani sabon dalili: bayanin yadda ake kai kaya Kaduna ko Abuja, ko sababbin launuka, ko shaidar waɗanda suka saya. Wadda ta ga hoton leshi ɗaya sau goma ba ta motsa ba, na sha ɗaya ba zai motsa ta ba.

Zurfin ziyara ma yana canza lissafi. Wanda ya faɗo shafin farko ya fice cikin daƙiƙa biyar, wataƙila kuskuren dannawa ne, kwana uku sun yi masa yawa ma. Wanda ya zuba kaya a kwando har ya kai wurin biya, shi ne ya cancanci a bi shi tsawon kwanakin gaba ɗaya.

Mai sayar da na'urar sola fa? Nan kam labarin daban ne. Wanda zai kashe miliyoyin naira a kan faranti da batir yakan tambayi mai haɗawa, ya ji ta bakin maƙwabcin da ya riga ya sa, ya jira albashi ko kuɗin amfanin gona. Idan littafin ciniki ya nuna yawancin masu saye suna ɗaukar mako shida zuwa takwas, kwana 60 ko 90 ba almubazzaranci ba ne. Amma bibiya mai tsawo tana son sassauci: a rage yawan nuni, a riƙa sauya saƙo, yau bayanin abin da na'urar ke iya ɗauka, gobe maganar garanti. Akwai kuma kayan da ranar ƙarshensu a bayyane take. Mai sayar da yadin Sallah ya san cewa daga ranar da teloli suka daina karɓar ɗinki, sha'awar ta mutu, ko da agogon jerin yana nuna saura kwana ashirin. Nan kalanda ce ke yanke hukunci, sai a kashe tallar da hannu.

Ƙaramin shafi yana da tasa matsalar. Google ba ya nuna tallar hotuna ga jerin da bai kai mutum 100 masu motsi cikin kwana 30 na baya ba. Shafin da mutum biyar ke leƙa a rana zai tara 70 ne kawai a kwana 14, don haka dole ya tsawaita kwanakin kafin tallar ma ta tashi. Mai irin wannan shafi zai fi cin riba idan ya fara kashe kuɗinsa wajen jawo sababbin baƙi, bibiya ta biyo baya.

Inda lissafi ke yaudara

Akwai tarko a rahoton da kamfanonin talla ke bayarwa, kuma shi ne ke sa mutane tsawaita kwanaki ba dalili. Tallar bibiya tana zuwa ne ga mutanen da tun asali suna da niyyar saye. Da yawansu za su dawo ko an bi su ko ba a bi su ba. Idan irin wannan mutum ya ga talla da safe ya sayi kaya da rana, rahoto zai rubuta cinikin da sunan tallar. A tsarin Meta na yau da kullum, ana danganta ciniki ga talla idan an yi shi cikin kwana 7 da danna ta, ko cikin kwana ɗaya da ganinta kawai. Wannan agogo ne daban da na zama cikin jeri, kuma rikita su biyun kuskure ne da ya zama ruwan dare.

Hanyar gane gaskiya ita ce wadda masanan BuildDirect suka bi, wato a ware wasu a ƙi nuna musu komai. A ce an raba mutum 2,000 gida biyu. Cikin 1,000 da aka bi da talla, 50 suka saya. Cikin 1,000 da aka ƙyale, 42 suka saya. Rahoto zai yi murnar ciniki 50, alhali 8 ne kawai tallar ta haifar, kuma a kan 8 ɗin nan ya kamata a raba kuɗin da aka kashe. Google da Meta duk suna da kayan yin irin wannan gwaji da suke kira Conversion Lift, ko da yake ba kowane ƙaramin asusu ake buɗe wa ba. Ƙaramin ɗan kasuwa yana da hanya mai sauƙi: ya kashe bibiyar kwanakin ƙarshe, misali daga rana ta 15 zuwa ta 30, na mako uku, ya sa ido a kan jimillar cinikinsa na gaske. Idan ba ta motsa ba, waɗannan kwanaki ba sa kawo komai. Sharaɗin kawai shi ne kada a yi gwajin a lokacin Sallah ko ƙarshen wata kaɗai, lokacin da kasuwa ke tashi da kanta.

Akwai alamun da ke nuna an wuce gona da iri tun kafin a yi gwaji. A Ads Manager na Meta akwai layin Frequency, mai nuna sau nawa kowane mutum ya ga tallar. Idan wannan lamba tana hawa, masu dannawa suna raguwa, kuɗin samun kowane ciniki yana ƙaruwa, mutane sun gaji. Idan aka fara ganin masu ɓoye tallar ko masu rubuta baƙar magana a ƙarƙashinta, an makara.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne bin wanda ya riga ya saya. Maganinsa a haɗa jerin masu saye a cire su daga tallar. A arewacin Najeriya wannan yana da wata sarƙaƙiya, domin ciniki da yawa yana farawa a shafi ne ya ƙare a WhatsApp, a tura kuɗi ta banki. Alamar da ke shafin ba ta ga wannan biyan ba, a wurinta mutumin har yanzu mai shawara ne. Mafita ita ce mai kaya ya riƙa loda lambobin wayar waɗanda suka saya a matsayin jerin cirewa, da saninsu da yardarsu, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin amfani da su bisa ƙa'ida. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, dalili ne babba a gare shi ya gajarta kwanakin, don ko an bi mai saye bisa kuskure, abin ya tsaya a mako ɗaya ko biyu.

Abu na ƙarshe da ke rage darajar dogayen kwanaki shi ne fasahar kanta. Tun 2019 burauzar Safari ta kamfanin Apple ta taƙaita rayuwar irin alamun da shafuka ke ajiyewa a na'urar baƙo ta wannan hanya zuwa kwana 7, a 2020 kuma ta toshe alamun kamfanonin waje gaba ɗaya. A watan Afrilun 2021, da fitowar iOS 14.5, manhajoji suka koma sai sun nemi izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa. Yawancin wayoyin Najeriya da Nijar Android ne, don haka abin bai yi tsanani a nan kamar Amurka ba, amma mai sayar da kaya masu tsada ya san cewa manyan abokan cinikinsa da dama iPhone suke riƙewa. Ga kuma masu canza waya, da masu goge tarihin burauza, da gidajen da mutum uku ke amfani da waya ɗaya. Duk ranar da ta ƙaru, yiwuwar cewa tallar tana isa ga ainihin wanda ya leƙo shafin tana raguwa. Lambar 180 da ke cikin akwati alkawari ne da na'urori ba sa iya cikawa duka.

Ga ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin irin wannan talla, ko da kansa ko ta hannun wani yaro mai kula masa da shafi, aikin da ke gabansa na yini ɗaya ne. Ya tsamo masu saye ɗari na ƙarshe, ya ƙirga kwanakin da kowanne ya ɗauka, ya nemo ranar da tara cikin goma suka riga suka biya. Sannan ya buɗe akwatin kwanakin ya duba abin da ke ciki. Idan 30 ya tarar kuma ba shi ya sa ba, ya maye gurbinta da lambar da littafinsa ya ba shi, ya sake duba lissafin bayan wata uku.